Ranar da Sunayen Adabka Suka Ƙi Shiga

Idan ka shiga Gummi ka tambayi Saudatu Rabe, kallonka kawai za a yi. Amma ka ce Saude mai kwamfuta, kowane ɗan kabu-kabu zai sauke ka a ƙofar gidanta. Mace ce gajera mai saurin tafiya, ga baki kamar reza, ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Mijinta Malam Nuhu, wanda yake koyarwa a firamare, yakan ce da faɗa sana'a ne da tuni sun yi bene. Masu cewa haka aka haife ta ba su san ta da farko ba. Ni na san ta, kuma na san shekarar da bakinta ya buɗe.

'Yar Adabka ce, autar Malam Rabe manomi. Lokacin da sa'o'inta suka bar makaranta, ita ubanta ya bar ta ta ƙare sakandare, daga nan ya tura ta Sakkwato wurin ƙanwarsa ta koyi aikin kwamfuta. A majalisar ƙofar masallaci an sha yi masa shaguɓe a kan haka. Wani ya tambaye shi ko kwamfutar tana tuƙa tuwo. Malam Rabe ba mai yawan magana ba ne, murmushi kawai yake yi ya gyara zaman hularsa. Da ta dawo aka ɗaura mata aure da Malam Nuhu, ta tare a Gummi, ta yi ta buga wa mutane takardu a wani shago har wani shirin tallafa wa manoma ya buɗe ofis a garin, aka ɗauke ta aiki. Shekara ta 2006 ke nan.

Shirin na wata ƙungiya ce da ba sai na kama sunanta ba. Babban ofishinsu yana Gusau, na Gummi kuma shi ke kula da ƙauyukan Gummi da Bukkuyum da wani yanki na Anka. Aikinsu raba takin zamani da ingantaccen iri kafin damina. Saboda gudun sunayen bogi, sun kafa doka mai tsauri: duk shekara manomi zai zo da ƙafarsa, a ɗauki hotonsa, a shigar da shi cikin kwamfuta. Ranar da aka rufe, mota ta zo daga Gusau ta karɓi sunayen a filasha, 'yar na'urar nan ta kwasar bayanai. Wanda yake ciki ya sami taki. Wanda ba ya ciki, ko da sarkin noma ne, sai baɗi. Ba sa karɓar takarda ko da an buga mata hatimi goma.

Wani kamfani na Kaduna ne ya haɗa musu na'urorin. Suka turo wani matashin injiniya, Nuraddeen, mai kirki amma kullum a gaggauce. Ya kafa kwamfuta biyu. Babbar tana kan tebur, ita ce mai rumbun bayanai inda sunaye da hotuna suke zama. Ƙaramar ya tura ta ƙarƙashin tebur, ba allo, ba abin bugawa, waya ɗaya ce ta haɗa su. Ya yi wa manajan ofishin bayani da Turanci yana tsaye da jaka a kafaɗa, manajan yana ta gyaɗa kai yana duba agogo. Ita Saude aka nuna mata abu uku: yadda za ta shigar da manomi, yadda za ta kwafe rumbun gaba ɗaya a faifai duk ranar Alhamis, da yadda za ta fitar da sunaye idan mota ta zo. Babbar kalmar sirri, wadda ake shiga cikin rumbun da ita a yi gyara, kamfanin ya riƙe abarsa.

Manajan shi ne Alhaji Malami. Allah ya ba shi ƙamshin turare da iya gaisuwa, sauran kuwa sai a hankali. Bayan 'yan watanni ya leƙa ƙarƙashin teburin Saude ya ga ƙaramar kwamfuta tana ta ƙyifta fitila.

"Wagga mi taka yi nan?" ya tambaya.

"Injiniya ya ce a bar ta kunne, Yallaɓai."

"Kina taɓa ta?"

"A'a."

"To wuta kawai taka sha. Za ni kai ta a duba."

Ya sa direba ya ɗauke ta. Babbar kwamfuta ba ta yi ko tari ba, aiki ya ci gaba kamar kullum, Saude ma ta manta da zancen.

Ga abin da ba wanda ya zauna ya gaya mata. Rumbun nan ba ya canza ko wasali ɗaya sai ya fara rubuta canjin a wani fayil daban da ake kira log. An shigar da suna, an gyara ƙauye, an sa hoto, duk sai sun bi ta log kafin su zauna. Amfaninsa shi ne, in wuta ta ɗauke ana tsakar aiki, da shi rumbun yake gane abin da ya kammala da wanda zai warware. Yadda aka saita nasu, rumbun ba ya sake amfani da gurbin da log ya cinye sai an kwashe log ɗin an ajiye a wani wuri. Kamar kwatamin gida ne, in ba a kwashe ba sai ya tumbatsa. Wurin da aka tanada don wannan kwasar shi ne ƙaramar kwamfuta. Kullum babbar takan nemi ta juye mata, ta tarar ba kowa, ta haƙura, ta ƙara wa log faɗi. Ba a sa masa iyaka ba. Kwafin da Saude take yi duk Alhamis, ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba, yana adana sunaye amma ba ya rage log ko kaɗan. Ga shi kuma duk mako rumbun yakan sake jera kansa, wannan ma sai ya rubuta.

Ita dai abin da ta gani, cikin kwamfuta yana cika. Ta duba ta ga fayil ɗaya ya ninka na sunayen sau ban san adadi ba. Ta je wurin Alhaji Malami, ya ce ai kwamfuta haka take, ta goge abin da ba shi da amfani. Ta goge tsofaffin wasiƙu. Bayan wata biyu wurin ya sake cika. Ta goge wasannin da suka zo da na'urar, ta goge hotunan taron buɗe ofis, ta goge kwafe-kwafen da ta riga ta sa a faifai. Ta roƙi a kira injiniya. Alhaji ya ce kiran injiniya sai da izinin Gusau, kuma shi ba zai dami manya a kan abin da bai lalace ba. Ta sake roƙo kafin rajistar 2008, ya ce mata, "Malama Saude, ke dai kina son ki ga baƙi." Da aka fara rajistar shekarar, abin da ya rage mata na gogewa bai taka kara ya karya ba.

Tsara ranakun ƙauyuka aikinta ne. A nan ta yi abin da duk ɗan mutunci a ƙasarmu zai yi, ta sa Adabka a ƙarshe. Ba wanda ya ce ta yi. Kara ce kawai, irin wadda take sa mai gida ya ci abinci bayan baƙi, uwa ta kawar da kai daga ɗanta a cikin taro. Tana gudun a ce 'yar Rabe ta sami kujera ta fara da gidansu. Malam Nuhu ya ce mata ko tsakiya ta sa su mana, ta ce ba za ta ba wa masu baki abin faɗa ba. Da labari ya kai Adabka, Malam Rabe ya ji daɗi har ya faɗa a majalisa. Ya ce yarinyar ta san abin da ya kamata.

Ranar Adabka ta faɗo Alhamis, ranar ƙarshe, motar Gusau kuma za ta zo Juma'a da hantsi. Bazara ta kai maƙura, hadari yana haɗuwa da yamma yana watsewa, kowa ya gama sharar gona yana jiran ruwan shuka. Mutanen Adabka suka taso tun da sassafe, wasu a babura uku-uku, wasu a bayan wata tsohuwar a-kori-kura da ta mutu sau biyu a hanya. Suka iso jikinsu duk jar ƙasa, suka zauna a inuwar dalbejiyar ofis. Da Saude ta fito gaishe su ta tarar da ragowar mutanen Nasarawa Burkullu waɗanda dare ya yi musu jiya, sun kwana a masallaci. Ta dubi ubanta. Ya ɗaga mata hannu.

"Sallami baƙi tukuna, Auta. Mu na gida muna."

Ta sallami baƙi har rana ta ɗaga. Sannan aka shigo da dattijon farko na Adabka, aka zaunar da shi jikin farin ƙyalle, ta ɗauki hotonsa, ta buga sunansa da girman gonarsa, ta danna adanawa. Kwamfuta ta yi jim, ta fito da wani akwatin rubutu na Turanci. Log ya cika, in ji ta. Ta sake dannawa, ya sake fitowa. Ta cire hoton ta gwada da suna kawai, bai shiga ba. Ta kashe na'urar ta kunna. Ta nemo sunan wani mutumin Nasarawa Burkullu da ta shigar ɗazu, ga shi nan ya fito tsaf da hotonsa yana hararar kyamara. Duk abin da yake ciki ana iya karantawa. Sabo ne ko ɗigo ba ya shiga. Ta leƙa neman abin gogewa, babu.

Ba ta nemi izinin kowa ba wannan karon. Ta ɗauki wayarta ta fita bayan ofis, kan tudun da ake samun sabis, ta kira Nuraddeen. Ya saurare ta, ya sa ta karanta masa rubutun sannu a hankali.

"Ba zai yiwu ba," ya ce. "Ai kullum ana kwashe shi. Duba ƙaramar da ke ƙarƙashin tebur, ko waya ce ta zare."

"Wace ƙarama? An ɗauke ta tun shekarar da kunka kawo ta."

Ya yi salati. Daga nan ya yi mata bayanin da ya kamata ya yi mata shekara biyu da suka wuce, cikin Hausa, a tsanake. Tana sauraro zuciyarta tana tafasa. Ashe duk goge-gogen da ta yi, tana ciyar da abin ne kawai.

"To ba ni kalmar sirrin, ka hwaɗa mini abin da za ni yi."

"Wallahi Malama ba ta hannuna. Tun da na bar wannan sashen aka canza ta. Tana wurin mai kamfani, shi kuma ya yi tafiya ƙasar waje, sai mako mai zuwa. Amma ki ji. In aka dawo da ƙaramar yadda take aka jona, da lokacin kwasa ya yi babbar za ta juye mata da kanta, wuri ya samu. Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki bari kowa ya goge fayil ɗin nan. In aka goge shi, rumbun zai iya ƙin buɗewa gaba ɗaya, kuma dawo da shi daga faifanki ma sai da kalmar sirrin."

Ta shiga ofishin Alhaji Malami ko sallama ba ta ƙarasa ba. Yana shan lemo a gaban fanka.

"Yallaɓai, ina ƙaramar kwamfuta?"

"Wace? Oho. Tana wurin gyara."

"Wane wurin gyara? In tahi in ɗauko."

"Gusau," ya ce, bai dube ta ba.

Direban ofis yana tsaye a bakin ƙofa. Da ta fito ya bi ta da ido, ya yi ƙasa da murya ya ce shi dai gidan Alhaji ya kai ta, nan bayan kasuwa. Saude ta tsayar da ɗan kabu-kabu. Matar Alhaji, Hajiya Laraba, baiwar Allah ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ta karɓe ta da fara'a ta kawo ruwa. Ga kwamfutar nan a falo, an saya mata allo da lasifika, an lulluɓe ta da ƙyalle mai fure. Saude ta ce Alhaji ne ya aiko ta, Allah ya yafe mata wannan ƙaryar. Ta rungumo na'urar a cinya a bayan babur, ta ratsa ta gaban mutanen garinsu da ita, ta durƙusa ƙarƙashin tebur ta jona.

Ta jira lokacin kwasa ya yi, ya wuce. Ta gwada, akwatin rubutun nan ya sake fitowa. Ta jona wa ƙaramar allo ta duba. An wanke ta tas tun tuni, an sa mata sabon suna, an cika ta da finafinai da wasan tseren mota. Wurin da babbar take nema ta juye babu shi, ita kanta babbar ba ta gane ta ba. Ta sake kiran Nuraddeen, ya ce sake haɗa su sai an shiga da kalmar sirri. Saude ta zauna a ƙasa, ta ji kamar ta ɗaga na'urar ta maka da bango.

Alhaji Malami ya shigo ya ga kwamfutar gidansa a ofis. Fuskarsa ta canza, amma mutumin ya iya haɗiye abu. Ya fita, bayan la'asar ya dawo da wani mai shagon buga takardu da gyaran na'urori. Mutumin ya duba, ya yi dariya, ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne. Yana da faifan da zai tayar da kwamfutar da shi, ya goge ƙaton fayil ɗin, wuri ya samu har a yi rawa.

"Goge shi," in ji Alhaji.

"Ba mai goge shi," in ji Saude.

"Malama Saude, mutanenki na waje. Don su nika yi."

Nan ne fa ya taɓa ta inda yake mata ciwo, kuma ya san ya taɓa. Ta taga tana hango ubanta zaune a kan buzunsa, ya miƙe ƙafafu, yana jan carbi. Wataƙila a goge a dace, Adabka ta shiga kafin magariba. Wataƙila kuma rumbun ya rufe, gobe mota ta zo ta koma hannu wofi, manoman ƙananan hukumomi uku su rasa takin bana, har da baƙin da ta sallama da safe. Ta tambayi mai shagon ko ya taɓa yin irin wannan a kan rumbun bayanai. Ya sosa ƙeya ya ce fayil dai ai fayil ne. Ta janyo kujerarta ta zauna a gaban na'urar, ta ce wanda zai taɓa ta sai ya fara ɗaga ta.

"To ga wata hanya, Yallaɓai," ta ce. "Ka rubuta ma Gusau. Ka ce na'ura ta tsaya, mutanen Adabka sun zo kan lokaci, ga hotunansu cikin kyamara. Su ƙara muna mako guda. Ni za ni buga takardar yanzu, kai dai sa hannu."

"In sunka tambayi mi yas sa ta tsaya fa?"

"Sai ka hwaɗa musu."

"Ke yarinya, ki san da wa kika magana."

"Na sani, Yallaɓai. Da wanda ya kai kayan aikinmu gida ɗiyanshi su kalli fim."

Mai shagon ya tattara faifansa ya sulale. Alhaji Malami ya tsaya yana huci, ya ce zai yi maganinta, ya shiga motarsa ya tafi. Bai rubuta takardar ba. Ita ta kira lambar Gusau da take da ita, wani magatakarda ya ce irin wannan ƙorafi sai ta hannun manaja. Ya ma yi mata nasiha a kan bin matakai.

Abin da ya rage shi ne ta fita ta gaya wa mutanen. Ta ɗauki hoton kowa tukuna, ɗaya bayan ɗaya, don kada a ce ba su zo ba. Sannan ta tsaya a gabansu ta ce na'ura ta cika, ba ta karɓar suna. Wani ya tambaya yaya aka yi ta karɓi na Nasarawa da safe. Wani ya ce kwamfutar ta san 'yan Adabka ne shi ya sa. Mutumin nan da ya taɓa tambaya ko kwamfuta tana tuƙa tuwo ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Rabe, ga amfanin boko mun gani. Da ɗiyar wani ta, da mun shiga tun ranar hwarko."

Ba wanda ya ce ƙarya yake yi. Malam Rabe ya naɗe buzunsa. Saude ta bi shi har bakin a-kori-kura tana ƙoƙarin yi masa bayanin log da ƙaramar kwamfuta, maganar tana sarƙe mata a baki.

"Ban gane ba, Auta," ya ce. "Abu guda nika tambaya. Da kin sa mu hwarko, da mun shiga?"

"Da kun shiga, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Ni nac ce ki sallami baƙi." Ya kama ƙarfen motar ya hau da ƙyar, bai yarda an taimake shi ba.

Da safe motar Gusau ta zo. Fitar da sunaye karatu ne kawai, na'ura ba ta ƙi ba. Saude ta miƙa filashar da hannunta, ta gaya wa jami'in da ya zo karɓa duk abin da ya faru, a gaban Alhaji. Jami'in ya ce shi ɗan aike ne, a sa a rahoto. Alhaji ya raka shi mota suna dariya.

Ruwa ya sauka a makon da ya biyo. Motocin taki suka bi ƙauyuka, yaran Adabka suka tsaya a bakin hanya suna kallon su suna wucewa. Masu hali sun nemi taki a kasuwa, yawanci kuwa da takin shanu suka lallaɓa, wanda bai isa ko rabin gona ba. Saude ta je gida sau ɗaya a lokacin. Innarta ta karɓe ta, amma matan da suka saba cika ɗakin in ta zo, ranar kowace tana da aiki. Ta bi ta gonar ubanta ta ga dawa ta fito siririya, ganyen ya yi ruwan ɗorawa. Malam Rabe ya daina zama a majalisar masallaci, yana idar da salla sai gida. Ba rashin takin ne ya fi cin ta ba, wannan ne, kuma har yau in ta tuna sai haushin ya dawo mata sabo.

Sai da aka yi noman farko sannan Nuraddeen ya iso, da kalmar sirri a aljihu. Ya jona wani faifan ajiya da ya zo da shi, ya kwashe log ɗin a ciki, ya rage girman fayil ɗin, ya sa masa iyaka, ya sake saita inda za a riƙa juyewa kullum. Kwasar ce kawai ta ɗan ja lokaci saboda girman abin. Aikin hannunsa bai kai a sha shayi a tashi ba. Saude tana tsaye a bayansa ta harɗe hannu. Ya ba ta haƙuri, ya ce laifinsu ne da ba su bar mata bayani ba. Ta ce ya kai haƙurin Adabka.

"Zo ki gwada," ya ce. "Sa suna ɗaya mu gani."

Ta zauna. Ta jona kyamara ta nemo hoton ubanta, yana zaune jikin farin ƙyalle, hularsa ta ɗan karkace, ya ƙura ido kamar mai jiran a ce ya tashi. Ta buga Rabe, ta buga Adabka, ta buga girman gonar da ta sani tun tana kai masa fura. Ta danna. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba na'ura ta ce an adana.

"Alhamdu lillahi," in ji Nuraddeen. "Ta warke."

Alhaji Malami ya matso, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin. Ya sunkuya yana duba allon. A gefen kowane suna rumbun yakan sa ranar da aka shigar da shi, da kansa, ba mai iya canzawa daga kujerar Saude. Alhaji ya ɗora yatsa a kan ranar, ya karanta, fuskarsa ta washe.

"Yauwa," ya ce. "Gusau na ta tambayata mi ya hana Adabka shiga. Shigar da sauran duka, ki buga mini a takarda da ranar a jiki. Su gani da idonsu, mutanen nan sai bayan an rufe sunka zo."

Saude ta dubi yatsan, ta dubi ranar, ta dubi fuskar ubanta a allon. Da hannunta ta rubuta wa Alhaji shaidar da yake nema, a kan mutumin da ya iso tun hantsi ya ce a fara da baƙi.

"Injiniya," ta ce, "goge shi."

"Ko an goge, Malama, log ya riga ya rubuta an shigar yau."

Ta zare kyamarar, wadda hotunan cikinta suke ɗauke da ainihin ranar da mutanen suka zo, ta sa a jakarta. Alhaji ya ce kayan ofis ne. Ta ce ya biyo ta Gusau ya karɓa a gaban manya, in ya so ya taho da kwamfutar falonsa. Ta fita ta tsayar da babur zuwa tasha, sunan Malam Rabe yana nan a allon shi kaɗai, da ranar a gefensa.